Farin gwal ya fara rawaya: jabu ne ko fatarsa ce ta cinye?

"Assalamu alaikum. Zoben farin gwal aka sako min a lefe, wata 14 ke nan. Yanzu ta ƙasansa, wajen tafin hannu, ya fara komawa ruwan ƙwai, saman kuma yana nan fari tas. A cikinsa an rubuta 750. Ƙanwar mijina ta ce jabu ne, ni kuma nauyin tambayar maigidan nake ji. Cutar mu aka yi? In ba haka ba, ana iya mayar da shi yadda yake?" Wata matar aure daga Gwammaja, Kano.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ɗaga wa maigida hankali tukuna, kada kuma a tafi wajen mai shago da faɗa. Farin gwal na gaske haka yake yi, kuma daidai wurin da kika nuna yake fara yi. Mu da muke gyaran kayan gwal, da mace ta miƙo mana farin zobe, kafin ta ce komai ƙasansa muke juyawa mu duba.

Zinari dai ba shi da fari. Yadda Allah ya halicce shi rawaya ne, kuma duk inda ya shiga sai ya nuna kansa. Lambar 750 da ke cikin zobenki tana nufin a kowane kashi 1000 na nauyinsa, 750 zinari ne zalla, wato karat 18. A ce zoben giram 4 ne. Giram 3 zinari ne mai rawaya, saura giram 1 kacal ya rage wa maƙeri ya cika da wasu ƙarafa. Da wannan giram ɗayan ake son a kashe launin giram uku, a kuma ƙara wa zoben ƙarfi, a bar shi da laushin da zai lanƙwasu ba tare da ya tsage ba. Aikin ya yi wa giram ɗaya yawa. Shi ya sa idan aka narka aka zuba, abin da ke fitowa ba fari ba ne sosai. Wani ruwan madara ne mai ɗan duhu, wani ya karkata zuwa ruwan toka, wani kuma rawayar tana nan a fili, ta dai dusashe.

Ƙarafa biyu ne suka fi iya dusashe zinari, nikel da faladiyam. Nikel yana da arha kuma yana faranta zinari sosai, sai dai yana sa shi tauri da saurin tsagewa wajen aiki, ga shi yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi. Don haka masana'antu da dama sukan rage shi su cike da jan ƙarfe da zinki, jan ƙarfe kuwa mayar da launin baya yake yi. Faladiyam ɗan gidan su filatinam ne, wato fararen ƙarafa masu daraja, ba ya damun fata, kuma idan aka zuba shi da yawa zoben yakan fito da farin da za a iya sawa haka nan. Amma yana da tsada, don haka ba shi ne ya fi yawa a kasuwa ba. Zobba biyu za su iya ɗaukar 750 iri ɗaya, darajar zinarinsu ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya rawaya nesa ba kusa ba. A shago ba za ki gane ba, domin duka biyun an lulluɓe su da abu ɗaya.

Abin da aka lulluɓe su da shi shi ne rodiyam. Farin nan mai ɗaukar ido da kika gani ranar da aka buɗe akwati, nasa ne, ba na zinarin ba. Shi ma daga dangin filatinam yake. Wani Bature ɗan Ingila, William Hyde Wollaston, ya gano shi a 1804, kuma har yau mafi yawansa daga Afirka ta Kudu yake fitowa, ana samunsa ne a gefen haƙar filatinam. Ba ya tsatsa, ba ya baƙi kamar azurfa, asid ma da ƙyar yake taɓa shi. To me ya hana a yi zoben gaba ɗaya da shi? Gautsi gare shi, ba ya ƙeruwa da guduma, sannan ga tsada. Masu ƙera motoci ne suke kwashe mafi yawansa, suna sa shi a tukunyar salansa don tace hayaƙi, kuma a farkon 2021 farashinsa ya kusa dala 30,000 kowane oza, fiye da ninki goma na zinari a lokacin. Ya sauko daga baya, amma bai taɓa zama abin da za a yi wasa da shi ba.

Saboda haka fata kawai ake yi wa zobe da shi, siririya ƙwarai. Ana auna ta da maikiron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. A kayan ado yawanci ba ta kai maikiron 1 ba, wasu ma ko rubu'insa ba su kai ba, alhali gashin kai guda ɗaya ya kai maikiron 70 ko kusa da haka. Idan aka shimfiɗa rabin maikiron a jikin zobe madaidaici irin naki, ciki da waje, rodiyam ɗin da ya hau ba zai wuce miligiram 4 ba. Sikelin shago ba zai ma san an ƙara komai ba. Wannan 'yar fatar ita ce take karɓar duk gugar da hannunki yake yi a yini.

Abin da yake cinye ta

Guga ce, ba wani abu ba. Zinarin da ke ƙasa bai canza launi ba, fitowa ya yi.  Ƙasan zobe shi ke haɗuwa da muciya da taɓarya, da hannun tukunya, da makulli, da ƙarfen da ake riƙewa a adaidaita sahu. Saman kuwa, inda dutse yake, ba abin da yake taɓa shi sai kallo.

Rodiyam yana da tauri, ya ninka zinarin da ke ƙarƙashinsa sau uku ko fiye. Amma yashi ya fi shi tauri, kuma a Kano ba ma rabuwa da yashi. Ƙurar hunturu da take kwanciya a kan komai tana ɗauke da shi, ƙasar tsakar gida ma haka, ga toka da yashin da ake dirzar gindin tukunya da su, ga soson ƙarfe. Mace mai wanke-wanke da zobe a hannu, kullum sai ta ɗan goge wani abu daga fatar nan. Idan kuma zobba biyu ne a jere a yatsa ɗaya, ko awarwaro yana bugun wani, su ma cin juna suke yi. Shi ya sa 'yan kunne da sarƙa na farin gwal sukan yi shekaru ba su nuna komai ba, zoben da ake sawa kullum kuwa tsakanin wata 6 zuwa shekara 2 yake fara nunawa. Wata 14 ɗinki yana tsakiyar abin da aka saba gani.

Mata da yawa sukan ɗora wa alwala laifi. Ruwa shi kaɗai ba ya yi wa rodiyam komai. Abin da ya kamata ki ji tsoro shi ne ruwan bilicin na wanki, wanda ake kira haifo. Shi ba fatar yake ci ba. Da ya sami inda ta buɗe, sai ya shiga ya kama nikel da jan ƙarfen da ke cikin zinarin, ya raunana su a hankali, har wata rana ɗaya daga cikin 'yan faratan da suke riƙe dutse ya karye ba tare da an buge shi ba. Sai kuma wasu mayukan bilicin na fata da ake zuba wa makuri, wato zaiba. Makuri yana shiga jikin zinari kai tsaye, ya bar masa tabo mai ruwan toka, ya sa shi gautsi. Na ga jan gwal lafiyayye da aka kawo ana cewa ya koma dalma, ashe man shafawa ne.

Akwai kuma yaudarar ido. Rawayar farin gwal ba ta da ƙarfi, amma da yake tana zaune kafaɗa da kafaɗa da farin rodiyam da ya rage, sai ta zama kamar ta fi haka. Ki ɗora zoben kusa da jan gwal ɗinki na karat 21 a kan farar takarda, da rana, a inuwa. Za ki ga wurin da kike kira ruwan ƙwai bai ko kama ƙafar jan gwal ɗin ba.

Yadda za ki karanta abin da ya fito

Wannan gwajin na takarda shi ne zai raba gardama tsakaninki da ƙanwar mijinki, amma ki fara wanke zoben. Ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke, ki jiƙa shi kamar minti 15, ki goge da tsohon burushin haƙori mai laushi, ban da man goge baki domin shi ma yana kankara. Wani lokaci rabin rawayar man ja ne da man shafawa da suka daskare a lunguna.

Idan bayan wankin launin da ya bayyana mai haske ne, ya shiga cikin farin a hankali ba tare da wata iyaka ba, kuma ƙarfen yana nan sumul, farin gwal ne na gaske da fatarsa ta cinye. Daga bayaninki nan na fi karkata.

Idan kuwa rawayar cikakkiya ce, irin ta jan gwal, to jan gwal ne aka yi wa rodiyam. Zinari ne, darajarsa tana nan daidai da lambarsa, ba a yi asarar kuɗin zinari ba. Amma idan da sunan farin gwal aka sayar, ba a faɗi gaskiya duka ba, kuma irin wannan ba ya daɗewa yake tona kansa, domin da fatar ta ɗan yi siriri ake ganin bambanci. A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Mutanenmu sun fi son karat 21 da 22, na Saudiyya da Dubai, masu lamba 875 da 916. A karat 21, kashi 125 kawai cikin 1000 ya rage na haɗi. A karat 22 kuwa 84. Wannan ba zai iya kashe rawaya ba. Don haka duk farin da kika gani a jikin gwal mai waɗannan lambobi, ko zobe ne gaba ɗaya ko 'yan zane-zanen fari da ake yi wa sarƙa da awarwaro, ki ɗauka fata ce a kan ja. Mai son fari na sosai sai ya haƙura da 18 ko 14, mai lamba 585.

Abin da zai sa hankali ya tashi shi ne idan wurin ya fito jaja-jaja, ko yana ɓarewa falle-falle, ko ya fara barin kore ko baƙi a yatsa. Wannan tagulla ce ko wani ƙarfe da aka yi wa wanka, kuma lambar da ke ciki ba za ta cece shi ba, don ƙusar buga lamba ba ta da wuyar samu. Idan kuma duk zoben lafiya yake sai wani siririn layi guda da ya ratsa ƙasansa, an taɓa rage shi ne ko an ƙara shi, aka liƙe da abin liƙi da ya fi jikin rawaya.

Ban ga zoben ba, don haka hukunci na ƙarshe na mai gwaji ne. Abu ɗaya za ki kula da shi. Rodiyam ba ya jin asid ɗin gwaji, saboda haka idan aka ɗan shafa saman zoben a dutse aka ɗiga asid, ko tagulla ce a ciki tana iya tsallakewa. Na'urar da ake haska ƙarfe da ita ma fatar tana shiga lissafinta. A gwada daidai wurin da ya cinye ɗin. Abin da ya ɓata miki rai shi ne ya buɗe wa mai gwaji ƙofa ba sai an kankare ba.

Yadda ake sabunta shi

Ana mayar da shi kamar ranar da aka saye shi, kuma idan kayan aiki suna shirye, aikin zobe ɗaya bai fi awa guda ba. Amma tsoma shi a ruwan rodiyam shi ne mafi gajarta a ciki. Bari in bi ki da zobe irin naki, karat 18, giram 4, da ɗan dutse a sama.

Da farko sai a auna shi a gabanki a rubuta nauyin. Sannan in sa gilashin ƙara girma in duba faratan da ke riƙe dutsen, in taɓa dutsen da tsinke in ji ko yana motsi. Duk wani gyaran da yake buƙatar wuta, liƙi ko rage girma, yanzu ake yin sa, don wuta tana ɓata rodiyam. Wanda ya yi wanka sannan ya dawo a rage masa zobe, sai ya sake biyan wani wankan.

Sai guga, wadda ita ce ginshiƙin aikin. Rodiyam ba ya cike rami, ba ya rufe ƙarzuwa. Duk yadda ya tarar da jikin ƙarfe haka zai kwafe shi, ya ma ƙara fito da aibinsa tunda yana da haske. Idan aka ɗora sabo a kan tsohon da ya cinye rabi, iyakar tsohon za ta fito kamar taswira. Don haka ake kai zoben injin guga a cire tsohuwar fatar, a share ƙarzuwa da sabulun guga mai ɗan kaushi, a biyo da mai laushi har ya zama madubi. A wannan gaɓar zoben yakan fito da launinsa na ainihi gaba ɗaya. Nakan kira mai shi ta gani, domin ba za ta ƙara samun damar sanin ainihin abin da take da shi ba sai wani wankan. Da yawa sukan yi mamakin cewa bai kai munin da suke zato ba.

Sabulun guga maiƙo ne, maiƙo kuwa babban abokin gabar wannan aiki ne. Sai a jefa zoben a injin wanki mai girgiza ruwa, ya karkaɗe abin da ya maƙale a bayan dutse, a busa masa tururi in akwai. Daga nan hannu ba ya sake taɓa shi. Ana rataye shi a siririyar waya, a tsoma shi a ruwan wanki mai kaifi da aka haɗa da lantarki, bolt 5 zuwa 6, na kamar rabin minti zuwa minti guda. Zai yi ta tafasa da kumfa, kumfar ce take ɓamɓare sauran maiƙon da ido ba ya gani. A ɗauraye. Ga yadda ake sanin ya tsarkaka: idan aka ɗago shi ruwa ya lulluɓe shi sumul ko'ina, ya yi. Idan ruwan ya tsinke ya taru ɗigo-ɗigo a wani wuri, akwai maiƙo a nan, kuma a nan rodiyam zai ƙi zama. Sai a koma baya. Mai gaggawa a nan yake faɗuwa.

Bayan haka a tsoma shi a ruwan asid mai rauni na 'yan daƙiƙu don a kashe kaifin ruwan wankin, a sake ɗaurayewa. Ruwan ɗauraya na ƙarshe dole ya zama tatacce, irin wanda ake ƙara wa batirin mota. Ruwan rijiyar burtsatse da na leda suna da gishiri-gishiri a ciki, kuma kaɗan daga ciki ya isa ya fara lalata ruwan rodiyam.

Shi ruwan rodiyam ɗin launin shayi ne ba madara, a kofin gilashi, yawanci giram 2 na rodiyam a lita guda tare da asid irin na batir. Ana ɗan ɗumama shi zuwa wajen digiri 40. A gefen kofin akwai wata 'yar raga ta titaniyam da aka lulluɓe da filatinam, an haɗa ta da jar waya. Zoben kuma yana kan baƙar waya. Ana saita na'ura a wajen bolt 3, a kunna tukuna sannan a tsoma, don kada asid ya sami zarafin cin wayar ya gurɓata ruwan. Lantarki ne yake jawo rodiyam daga cikin ruwa ya kwantar da shi a jikin zoben. 'Yan ƙananan kumfa za su fara tashi daga jikinsa, sai a riƙa motsa shi a hankali, domin duk inda kumfa ta maƙale za ta bar ɗigo. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 zoben ya riga ya yi fari. A nan jarrabawar take. Wanda ya ɗago shi yanzu, kwastoma za ta tafi tana murna, bayan wata biyu ta dawo. Ni zoben sawa kullum nakan bar shi minti guda zuwa biyu. Wuce haka da yawa ma ba alheri ba ne, don rodiyam mai kauri fiye da kima yana tsattsagewa, haskensa kuma ya dusashe. A ɗago, a ɗauraye, a busar, a mayar kan sikeli.

Idan a jikin zoben akwai wurin da ake son ya zauna ja, ana rufe shi da jan farce kafin a tsoma, a wanke daga baya. Akwai kuma wani abu kamar biro mai bakin auduga da ake jiƙawa da ruwan rodiyam a shafa da lantarki. Don 'yan zane-zane aka yi shi, kuma a nan yana da kyau. Amma abin da yake ɗorawa siriri ne ƙwarai. Idan kika ga an ɗauko shi za a shafe miki ƙasan zobe a tsaye cikin minti biyar, ba guga ba wanki, ki karɓi abinki.

Aikin da ya ɓaci yana da alamu, kuma gara ki duba kafin ki bar shagon, a hasken rana, ba ƙarƙashin fitilar kanta ba. Duhu-duhu a gefuna da kan farata yana nuna wuta ta yi yawa, ko ta yi ta rawa lokacin da ake kan janareto. Ɗigo-ɗigo ko wurin da farin ya ƙi kamawa, wanki ne bai yi ba. Fari mai hazo ko mai ruwan toka ko'ina, ruwan ne ya gaji ko ya gurɓata. Dalilin da ya sa ake yawan samun wannan na ƙarshen a bayyane yake. Giram 2 ɗin nan, a lissafin takarda, zai ishi zobba ɗaruruwa, amma ruwan yana rauni tun kafin rodiyam ɗin ya ƙare, kuma sabuwar kwalba kuɗi ne mai yawa. Sai mai aiki ya yi ta matsar tsohon har launinsa ya koɗe. Ba laifi ba ne ki tambaya yaushe aka sabunta ruwan. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Ki kuma faɗi abin da kike so da sunansa. A layin 'yan gwal, idan kika ce a wanke miki gwal kawai, wani zai fahimci wankin jan gwal, wanda ake gasawa a wuta a jefa a ruwan tsami. Farin gwal mai nikel ba ya son wannan, yakan fito da baƙin dabbare, wani ma ya tsage. Wani kuma azurfa zai ɗora miki a madadin rodiyam. Ranar farko ba za ki bambance ba, amma azurfa tana baƙi, kuma ba ta jure guga. Ba kowane mai sayar da gwal ne yake da kayan rodiyam ba, yawancinsu aikawa suke yi wajen wani. Ki tambaya wa zai yi, a ina.

Maganar dutse ita ma a yi ta tun kafin a fara. Daimon da yakutu ba ruwansu, lantarki ba ya bin jikinsu, rodiyam ba ya hawansu, asid ɗin kuma ba ya musu komai. Murjani da lu'ulu'un teku kuwa asid cin su yake yi, dole a cire su. Zumurrudu ba ya shiga injin girgiza, don yawancinsa an cike tsagunsa da mai. Duwatsun da aka manna da gam su ma sukan zube a ruwan ɗumi.

Sau nawa ya kamata a yi

A nan nake saɓa wa wasu abokan sana'ata da suke cewa a kawo duk wata shida. Rodiyam ba ya cutar da zobe, amma gugar da ake yi kafinsa tana cin zinari. A yi ɗaya abin da ke tafiya kaɗan ne, sikeli zai nuna 'yar raguwa a lambobin bayan ɗigo, wannan ba sata ba ce. Amma idan aka jera shi shekara da shekaru, ƙasan zoben zai sirance, faratan dutse su gajarce, rubutun ciki ya shafe, har 750 ɗin ta fara ɓacewa. Ra'ayina, zoben da ake sawa kullum kada a yi masa fiye da sau ɗaya a shekara, kuma idan za ki iya kai shi shekara biyu ya fi. Ki ce wa mai guga ya sassauta hannu a kan farata, kada ya bi kowace 'yar ƙarzuwa har ƙasa.

Abin da zai tsawaita tazarar a hannunki yake. Ki cire shi lokacin wanke-wanke, wanki, daka da shara, ki sa masa wuri guda da ba ya canzawa, don zobba sun fi ɓata a bakin famfo fiye da ko'ina. Ki shafa mai da turare su bushe kafin ki sa. Ki ajiye shi a 'yar jakarsa shi kaɗai, ba cikin gwangwani ɗaya da sarƙoƙi ba.

Akwai wadda ba ta da zaɓin jinkiri. Idan kin lura yatsan ya fara ƙaiƙayi, ko ja, ko 'yan ƙuraje daidai inda zoben yake zama, kuma hakan ya zo tare da fitowar rawayar, alama ce ta nikel a ciki kuma fatarki ba ta son sa. Rodiyam ne yake shiga tsakani a da. A ƙasashen Turai tun 1994 aka yi dokar taƙaita yawan nikel da kayan ado za su riƙa saki a jikin mutum saboda wannan matsalar, amma kayan da ke shigowa kasuwanninmu daga ko'ina suke. Mai irin wannan fata ta cire zoben har yatsan ya warke, a sabunta masa rodiyam har ta ciki, in kuma abin yana dawowa, ta canza shi da mai faladiyam ko jan gwal.

In kuwa babu ƙaiƙayi, rawayar ba ta rage wa zoben ko kwabo ba. Ranar sayarwa nauyi da karat ake dubawa, mai saye ba zai biya ki kuɗin rodiyam ba, ba kuma zai rage miki don ya cinye ba.  Kina ma iya cewa a goge tsohuwar fatar gaba ɗaya a bar shi haka. Idan haɗinsa mai kyau ne, zai zauna da launi ɗaya mai taushi, ba wani wuri da zai sake bambanta da wani, kuma ba ki da sauran zirga-zirgar wanka. Lokacin yanke wannan shawarar shi ne bayan an gama guga, kafin a tsoma, don haka ki roƙi mai aikin tun farko ya nuna miki shi a wannan matakin.

Idan za ku je, ku tafi da rasidin saye in yana wajen maigida, a gwada wurin da ya cinye tukuna, a auna a gabanku, a rubuta nauyi da bayanin dutsen a takardar karɓa kafin ku bar zoben a shago.